Wasiƙar tallafin karatun ƙanena ta zo, yaya zan mayar wa Baba ita da Hausa?

Yaya Babba: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu harkar fassara. Ƙanena ya nemi tallafin karatun digiri na biyu a wata jami'a ta ƙasar waje, an turo masa imel cewa an zaɓe shi. Cikin takardun da aka haɗo akwai wadda mahaifinmu zai sa wa hannu, cewa ya ɗauki nauyin duk abin da tallafin bai biya ba. Baba kuwa ya ce shi ba ya sa hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, a rubuto masa da Hausa ya karanta da idonsa. Yaron ya yi tasa fassarar layi uku: an ba shi sikolashif, za a biya komai, a ba da amsa cikin kwana goma. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don wasiƙar shafi biyu ce cur, ba na jin shafi biyu zai shige cikin layi uku. Turancina ya ishe ni karantawa, amma mayar da shi Hausa yadda ba zan yi wa Baba ƙarya ba, nan na tsaya.

Baban Biyu: Wa alaikumus salam. Barka da arziki Yaya, Allah ya sanya alheri. Ai ba wani abu mai wuya ba ne. Ki ce masa an ba yaro gurbin karatu kyauta, ga ranar da za a amsa, ga inda zai sa hannu.

Ɗan Auta: Anti ki yi hattara fa. Duk imel ɗin da ya ce a sa hannu a kan maganar kuɗi ni ban yarda da shi ba. Wani abokina haka aka turo masa, ashe 'yan damfara ne, sai da ya tura kuɗin "rajista" sannan suka ɓace.

Yaya Babba: Na gode ƙanena, amma wannan ba ita ce tambayar ba. Shi ya nema da kansa, saƙon ya fito daga adireshin jami'ar, kuma da ya shiga shafinsa na masu neman gurbi ya tarar da wasiƙar a can ma. Ba su ce a turo ko sisi ba.

Malam Tafinta: Amin wa alaikumus salam. Hajiya, kafin a taɓa kowace kalma, duba sakin layi na farko bayan gaisuwar murna. Shin sun ce an ba shi kawai, ko akwai wata magana mai kama da "conditional" ko "subject to"? Ki kwafo mana wannan layin, da layin wa'adi, da duk inda kika ga "must" ko "may". Ki cire sunansa da lambarsa da sunan makarantar.

Yaya Babba: To Malam, ga su. Wasiƙar tana ɗauke da kwanan wata 8 ga Mayu. A sama sun rubuta "This offer is conditional". Wa'adin amsa kuma "within 10 working days of the date of this letter", zuwa "17:00 local time". Sai wata rana daban ta miƙa takardu, an rubuta 07/08/2025. Sai layin da ya ce "You may not hold any other award". Yaron bai ma ga saƙon ba sai Litinin 12 ga wata, ya faɗa cikin akwatin tarkacen saƙonni. Yau ga shi Laraba 14.

Malam Tafinta: Madalla. To tun daga kalmar farko fassarar yaron ta zame. "An ba shi" a kunnen Bahaushe magana ce da ta ƙare, abu ya shiga hannu. Wasiƙar ba ta ce haka ba. Cewa ta yi an ware masa, kuma ba zai tabbata nasa ba sai ya cika sharuɗɗan da aka jera. Da ni ne zan rubuta: "Mun zaɓe ka domin wannan tallafi, amma bisa sharaɗi. Ba zai tabbata ba sai ka cika abubuwan da ke ƙasa kafin wa'adinsu." Kalmar "amma" ɗin nan ki sa ta a jimla ta farko, kada ki bari sai Baba ya gama hamdala ya sanar da 'yan'uwa sannan ya ci karo da ita a shafi na biyu.

Sannan Baban Biyu ya ce gurbin karatu. A'a. Gurbi shi ne kujerar da jami'a ta ba shi a aji. Tallafi shi ne kuɗin da zai biya masa zaman kujerar. Sau da yawa ofisoshi biyu ne daban ke ba da su, kowanne da wasiƙarsa da wa'adinsa, kuma mutum yana iya amsa ɗaya ya manta ɗaya. Hajiya, duba ko wannan wasiƙar ta tallafi ce kaɗai.

Yaya Babba: Ta tallafi ce kaɗai. Ta gurbin ta zo tun watan jiya, ya ce ya riga ya amsa ta.

Baban Biyu: Na karɓi gyara, Malam. Amma maganar wa'adi na san ta, don na yi aikin ofis. Kwanakin aiki ake nufi, ba a lissafa Asabar da Lahadi. Tun da ranar 12 ya gani, idan ka ƙirga goma daga nan za ka sauka Litinin 26 ga Mayu. Akwai sauran lokaci, kada ku tayar wa dattijo da hankali.

Ɗan Auta: Ni kuma lissafina 8 da 10 ai 18 ne. Lahadi mai zuwa ke nan.

Malam Tafinta: Baban Biyu ka kama rabi ka saki rabi. Gaskiya ne ba a lissafa ranakun hutun mako, saboda haka 18 ɗin Ɗan Auta ta faɗi. Amma wasiƙar ba ta ce daga ranar da ka buɗe saƙo ba, cewa ta yi daga kwanan watan da ke jikin wasiƙar. Su ba ruwansu da akwatin da saƙon ya faɗa. 8 ga Mayu Alhamis ce. Juma'a 9 ita ce rana ta ɗaya. Litinin 12 zuwa Juma'a 16 sun kai mu shida. Litinin 19 zuwa Alhamis 22 sun cika goma. Da an bi lissafinka, da ranar 26 yaron zai danna amsa ya tarar an rufe tun kwana huɗu.

Akwai kuma ofishin da yake ƙirga ranar wasiƙar kanta a matsayin rana ta ɗaya, wanda hakan zai dawo da wa'adin Laraba 21. Wasiƙar ba ta fayyace ba, mu ma ba mu da ikon fayyace mata. Don haka ni a takardar Baba zan rubuta abin da suka ce tukuna, "cikin kwanakin aiki 10 daga ranar da aka rubuta wannan wasiƙa", sannan a ƙasa in sa layi daban mai suna bayanin mai fassara: "A lissafinmu wannan ya kama Alhamis 22 ga Mayu, amma mu ɗauki Laraba 21 a matsayin ranar ƙarshe." Kada ki cuɗa maganarsu da lissafinki wuri guda. In lissafin ya zo da kuskure, a san naki ne.

Hajiya Malama: Malam ya faɗi gaskiya, kuma bari in ƙara da abin da ya same ni. Shekarun baya na sami irin wannan, na ga an ce ƙarfe biyar na yamma, na zauna ina jiran a gama min sikanin takarda ɗaya. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na shiga shafin, madannin amsa ya yi fari ba ya dannuwa. Ashe biyar ɗin agogonsu ce, kuma suna gabanmu da awa ɗaya. Sai da na yi kwana uku ina rubuta musu roƙo kafin wata baiwar Allah a ofishin ta sake buɗe min. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Malam Tafinta: Shi ya sa "ƙarfe biyar agogon gida" ita ce fassara mafi haɗari a nan. Gidan wa? Wanda ya rubuta wasiƙar agogon garinsu yake nufi. A rubuta "ƙarfe 5 na yamma agogon garin da jami'ar take", sannan a bayanin mai fassara a sa abin da ya kama a agogonku. Kuma ki duba a wayarki bambancin na wannan watan, ba wanda wani ya sani tun bara ba, domin ƙasashen Turai da yawa suna tura agogo gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Haka ranakun aikin ma nasu ne. Akwai ƙasashen da hutun makonsu Juma'a da Asabar ne, lissafin da na yi sai ya canza.

Yaya Babba: Na duba. Asabar da Lahadi suke hutu, kuma suna gabanmu da awa ɗaya su ma. Ke nan ƙarfe 4 na yamma a wajenmu. To 07/08 ɗin fa? Ni na karanta 7 ga Agusta, yaron ya ce 8 ga Yuli.

Baban Biyu: 8 ga Yuli ne mana. Turawa wata suke fara rubutawa.

Hajiya Malama: Ba duka ba, Alhaji. Amurkawa ne ke fara sa wata. Birtaniya da yawancin Turai rana suke farawa da ita.

Malam Tafinta: Haka ne, amma ko ƙasar ba na dogara da ita, don wani ofishin yana amfani da manhajar da aka saita da tsarin wata ƙasa. Wasiƙar ce za ta ba da kanta. Hajiya, nemi wani kwanan wata a ciki da aka rubuta da lambobi zalla, wanda ɗaya daga lambobinsa ya wuce 12.

Yaya Babba: Akwai ranar fara zango, 22/09/2025.

Malam Tafinta: Shi ke nan. Babu wata na 22, saboda haka rana suke farawa da ita. 7 ga Agusta ce, ke ce da gaskiya. A Hausar kada ki bar ko lamba ɗaya a haka, ki rubuta "Alhamis, 7 ga Agusta, 2025" da sunan rana da sunan wata.

Ɗan Auta: To ni layin can na "may not" ai mai sauƙi ne. Wataƙila ba zai sami wani tallafin ba, ko?

Malam Tafinta: Ka ga ramin da nake jira wani ya faɗa. A maganar yau da kullum tana iya ba da ma'anar wataƙila, amma a takardar sharuɗɗa hani ne. "Ba a yarda ka haɗa wannan da wani tallafi ba." A irin wannan takarda ina ajiye kalmomi uku, ba na barin su shiga gonar juna. Inda suka wajabta, "dole ne". Inda suka ba da shawara, "ana so" ko "zai fi kyau". Inda suka ba da dama, "kana iya, in ka ga dama". Matsalarmu ita ce "ya kamata". Muna son ta don tana da ladabi, musamman in dattijo ne zai karanta, amma ita tana zaune tsakiya, mai karatu ba zai san ko in bai yi ba za a ƙwace tallafin ba. Ni ba na sa ta ko sau ɗaya a fassarar sharaɗi.

Yaya Babba: Innalillahi. Malam, wata ƙungiya ta yi masa alkawarin kuɗin jirgi da na kwamfuta. Shi ma ya shiga hanin?

Baban Biyu: Wannan ai kyauta ce, ba sikolashif ba. Ku yi shiru kawai.

Hajiya Malama: Ni ban ce a yi shiru ba. In ƙungiyar ta wallafa sunansa a cikin waɗanda ta tallafa wa fa? Ki karanta layin har ƙarshe, galibi akwai mafita a wutsiyarsa.

Yaya Babba: Akwai kuwa. Sun ce sai dai in an sami izininsu a rubuce tun kafin a karɓa.

Malam Tafinta: To ki fassara shi da wutsiyar tasa: "sai dai in ka nemi izininmu, muka ba ka a rubuce, kafin ka karɓa." Ko kuɗin jirgi yana cikin abin da suke nufi, wannan ba aikin mai fassara ba ne, ofishin ne kaɗai zai yanke. Yaron ya rubuta musu tambaya layi biyu, ya faɗi wace irin ƙungiya ce da abin da za ta biya. Amma kada ya jira amsarsu kafin ya karɓi tayin, wa'adi ba zai tsaya jiransa ba.

Hajiya Malama: Ni inda na saɓa da Malam shi ne tsawon abin. Dattijo za ka miƙa wa shafi biyu na Hausar da aka jawo daga Turancin ofis? Zai gaji a rabi. Shafi ɗaya ya isa: me za su biya, me ba za su biya ba, me za a yi, yaushe.

Malam Tafinta: Ga wasiƙar, na yarda da ke rabi, a sa taƙaitawa a sama. Amma takardar da zai sa wa hannu, wannan kam jimla bayan jimla, ba tsallake. Mai taƙaitawa shi ke zaɓar abin da yake ganin muhimmi ne, kuma ɗan da yake ɗokin tafiya ba zai ga layin da ya ce a mayar da kuɗi in an bar karatu a tsakiya a matsayin muhimmi ba. Uban da zai biya kuwa shi ne layin da ya fi buƙata.

Hajiya Malama: A kan takardar sa hannu ban ja ba. A kan sauran dai ina nan a kan bakana.

Yaya Babba: Layin mayar da kuɗin yana nan kuwa, Malam, kamar ka gani. Kuma "za a biya komai" ɗin da yaron ya rubuta ba haka ba ne. Kuɗin makaranta duka, alawus na wata-wata, amma masauki sun ce "up to 50%". Biza da inshorar lafiya ba sa ciki. Na rubuta "rabin kuɗin masauki".

Malam Tafinta: Gyara kaɗan. "Abin da bai wuce rabi ba." Rabin shi ne rufin, suna iya ba da ƙasa da haka. In kin ce rabi, Baba zai yi lissafinsa a kan rabi. Yanzu karanto mana sharuɗɗan kansu.

Yaya Babba: Uku ne. Kwafin takardar shaidar digiri da jami'arsa ta buga wa hatimi, takardar Baba, sai sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS mai maki 6.5 gaba ɗaya, kuma kada wani ɓangare ya gaza 6.0. Wannan ba damuwa, yana da 6.5.

Hajiya Malama: Tsaya Yaya. Ɗauko takardar sakamakon ki duba ɓangarorin huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Yaya Babba: Sauraro 7.5, karatu 7.0, magana 6.5, rubutu 5.5. Wayyo.

Hajiya Malama: Kin gani. Haɗa su 26.5 ne, raba huɗu ya ba da 6.625, shi ne aka mayar 6.5. Jimlar ta cika, amma rubutun ya gaza da rabin maki. Sharaɗi biyu ne a jimla ɗaya, yaron ya karanta na farko ya rufe ido.

Baban Biyu: Ai yanzu ana iya sake ɓangare ɗaya kawai, ba sai an sake duka ba.

Hajiya Malama: Ana yi, amma cikin kwana 60 daga ranar jarrabawar, kuma ba kowace jami'a ke karɓa ba. Yaushe ya zauna?

Yaya Babba: Tun Janairu.

Hajiya Malama: To sai dai ya sake duka. Yana da har 7 ga Agusta, amma sakamakon ne ake so ya isa hannunsu a ranar, ba ranar zama jarrabawa ba. Ya nemi rana a Yuni, don in ba ta yi kyau ba ya sami damar sake wata.

Malam Tafinta: A Hausar ki raba jimlar gida biyu, kowanne da layinsa. "Dole ne jimlar makinsa ta kai 6.5. Dole ne kuma kowane ɗaya daga ɓangarori huɗu ya kai 6.0." A bayanin mai fassara ki rubuta gaskiya: na farko ya cika, na biyu bai cika ba tukuna. Saura amsar. Me suka ce a yi daidai?

Yaya Babba: Yaron ya riga ya mayar musu da imel na godiya, ya ce ya karɓa. Amma da na sake karantawa, sun ce ya shiga shafinsa ya danna "Accept", sannan ya sauke fom ya sa hannu ya ɗora a can. Kuma in ba a ji daga gare shi ba, za a ɗauka ya ƙi.

Malam Tafinta: To godiyar da ya aika ba a bakin komai take ba, har yanzu bai amsa ba. Wannan layin na ƙarshe ki fassara shi tsirara, domin mu mun saba cewa shiru ma amsa ce, kuma galibi amincewa muke nufi. A nan akasin haka ne: "Idan ba ka amsa ta hanyar da muka faɗa ba kafin wa'adi, za mu ɗauka ka ƙi tallafin." Sunan madannin kuma ki bar shi da Turancinsa yadda yake a allo, in kin mayar da shi "karɓa" babu wanda zai same shi. Haka lambar ɗalibi da sunan fom. Kuma a tuna, takardar Turancin ce Baba zai sa wa hannu. Ta Hausar ta gida ce, ba a aika ta.

Ɗan Auta: Amma in ya danna ya karɓa alhali makinsa bai kai ba, ba ƙarya ya yi musu ba?

Malam Tafinta: A'a. Ya karɓi tayin ne tare da sharuɗɗansa, shi ya sa aka ba shi wa'adi biyu. Na Mayu na cewa yana so, na Agusta na nuna ya cika.

Yaya Babba: Jama'a Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na gama, shafi uku ya fito da bayanin mai fassara. Yaron ya danna, ya ɗora fom, saƙon tabbatarwa ya shigo, na sa shi ya ɗauki hotonsa ya ajiye. Ya kuma rubuta musu maganar kuɗin jirgi, ba su amsa ba tukuna. Baba ya karanta sau biyu da biro a hannu, ya ja layi a ƙarƙashin maganar mayar da kuɗi, ya ce shi bai gane ba: in rashin lafiya ce ta sa yaro ya bar karatu, shi ma sai an biya? Na koma Turancin, ban ga sun ce komai a kai ba. Ya ce ba zai sa hannu ba sai an tambayo. Takardarsa dai tana cikin na Agusta, saboda haka akwai lokaci. Malam, in na rubuta tambayar da Hausa yadda Baba ya faɗe ta, za ka duba min Turancin kafin yaron ya aika?

Malam Tafinta: Turo ta. Ki haɗo da lambar sakin layin da ya ja wa layi, don su san wanda ake tambaya a kai.